Kwana Tara Ban Sha Gardinal Ba

Ina da shekara goma sha huɗu sanƙarau ya kwantar da ni a Dogarawa. Na tashi, amma ya bar mini farfaɗiya. Faɗuwar farko a ɗakin innata ce, ta biyu kusa da murhu, har zanena ya fara cin wuta. Babana bai tsaya jiran ta uku ba. Ya sa ni a mota muka tafi Ƙonni wurin wani majo, babban ma'aikacin jinya na likita, wato asibiti, wanda suka yi lakwal, makarantar boko, tare. Majo ya ba ni ƙwaya fara, ƙarama, guda ɗaya kullum bayan sallar isha. A takarda fenobarbital yake rubutawa, a baki kowa gardinal yake cewa.

Dokar babana biyu ce. Kada in tsallake dare ko ɗaya, kuma kada kowa ya sani. A garinmu an yarda cewa kumfar bakin mai farfaɗiya tana harbin wanda ta taɓa, ba a shan ruwa a moɗa ɗaya da shi, ba a neman aurensa. Shi ya sa ba a taɓa karɓar maganina kusa da gida ba. Ƙonni ake zuwa, wata-wata, kamar masu zuwa sayen atamfa.

Ƙwayar ta yi aikinta. Ban sake faɗuwa ba. Sai dai ta sa mini wani nauyi a kai wanda na zauna da shi har na ɗauka halina ne. Ina jin magana, ina ganewa, amma komai kamar daga ɗaki na gaba yake zuwa. Ƙawayena suna cewa ni mai sanyi ce, malamai suna yabon haƙurina. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, barci nake ji. A haka na gama karatu, aka ba ni aji a wata lakwal ta Malbaza, na auri wani mai gyaran injuna a izin, wato masana'antar siminti. Babana ya faɗa masa gaskiya kafin a ɗaura aure. Ya ce ya ji, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Muna zaune a gidajen ma'aikata, gida huɗu famfo ɗaya. Maƙwabciyata ta hannun dama ita ce ungozomar matanite, asibitin haihuwa, mijinta da nawa kar ɗaya, wato lokacin aiki ɗaya, suke yi a izin. Mace ce mai kirki, mai hannun kyauta, mai baki kuma. In ta dawo daga aiki ta zauna tsinkar zogale a bakin famfo, kafin la'asar mun san wadda ta haihu, da wadda ta yi raki, da wadda mijinta bai zo ba. Ba ta faɗin suna, amma Malbaza ba ta da girman da za a buƙaci suna.

Cikina na farko ya zo da gardama. Kwana biyu ina naƙuda, ɗan bai sauko ba. Aka kai ni babban asibiti aka yi mini tiyata, aka fitar da shi ba rai. Ban gan shi ba. Lokotoron da ya yi mini tiyatar ya ce wa maigidana ɗinkin mahaifa yana son hutu, kada in sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu. Mutane suka zo gaisuwa, na amsa kowa daidai. Ina jin innata tana ce wa wata ai yarinyar nan akwai tawakkali.

Bayan arba'in na je matanite karɓar ƙwayar hutun haihuwa, da takardar yardar maigida a hannu, don a lokacin sai da ita. Maƙwabciyata ta auna ni, ta buɗe sabon karne na asibiti, tana tambaya tana rubutawa.

“Hawan jini?”

“Babu.”

“Shawara ta taɓa kama ki?”

“A'a.”

“Akwai wani magani da kike sha kullum?”

Na dubi bironta. Na tuna bakin famfo da tiren zogale. Na tuna yara arba'in da ɗoriya da iyayensu ke turo mini kowace safiya, da abin da iyayen za su yi in sun ji.

“Babu,” na ce.

Ta ja layi a wurin, ta miƙo mini fakiti uku. Ba ta ma ɗago kai ba, don me za ta ɗago, kullum tana ganina lafiya lau ina shanya.

Na haɗa ƙwayoyin biyu a lokaci guda, bayan isha. Wadda ta shekara goma sha biyu tana shan magani ba fashi ba a koya mata wannan. A wata na biyu na fara ganin ɗigon jini a tsakiyar wata. Na faɗa mata. Ta ce haka yake yi wa wasu da farko, zai daidaita. Bai daidaita ba, ni kuma ban sake magana ba. A wata na shida al'ada ba ta zo ba. A na bakwai warin man gyaɗa ya fara tayar mini da zuciya.

Da ta gama duba ni ta cire safar hannu ta jefa a roba da ƙarfi.

“Ke ma, madam? Ke da kinka yi lakwal? Kwana nawa kinka tsallake?”

“Ban tsallake ba.”

“Duk haka kuke cewa. Ƙwaya ba ta ƙarya. Ga ɗumki bai yi shekara ba, kin ɗora mai kaya.”

A ranar raina ya ɓaci, kuma na daɗe rabona da ɓacin rai. A ce mini komai, amma ban da mantuwar magani. Na so in ce mata tun tana makarantar ungozoma nake haɗiye ƙwaya kowane dare. Ba halin faɗa. Na ɗaura zanena na fito. Maigida da ya ji, ya ɗauko fakitin ya duba ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu saura, ya ajiye. Ya ce, “To, Allah ya kawo shi, sai mu riƙe shi da kyau.” Daga ranar shi yake ɗauko mini ruwa in yana gida.

Ni kuwa abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ina son cikin. Ban yi murna ba, murna ba ta zo mini da sauƙi a shekarun nan. Amma nakan farka in tarar hannuna a kan mara.

Ranar da babu lakwal na hau mota zuwa Ƙonni karɓar gardinal na wata. Majo ya tsufa, gilashinsa ɗaure da zare. Ya dube ni sau ɗaya ya gane.

“Ɗiyata, ba an ce ki huta ba?”

“Na sha ƙwayar hutu, Baba. Wallahi ko dare ɗaya ban bari ba.”

Ya ajiye biro. “Wa yab ba ki?”

“Ungozomar Malbaza.”

“Kin hwaɗa mata kina shan gardinal?”

Na girgiza kai. Ya cire gilashin ya murza ido.

“Ni ma ba ki hwaɗa min kina shan waccan ba. Ita ba ta san tawa ba, ni ban san tata ba.” Ya nuna gefen cikinsa na dama, ƙasan haƙarƙari. “Saurara. Duk maganin da kinka haɗiye, hanta ta ka niƙe shi ta hidda shi daga jini. Tana da ma'aikatanta, mu muna ce musu anzim. Shi gardinal halinai na, in ya zauna jiki sai ya sa hanta ta ƙara ma'aikatan nan, kamar izin ɗin mijinki in an ƙara kar. Su kuwa ba su tambayar kayan wa na. Abin da yaz zo su niƙe. Ƙwayar hutu tana shiga, kahin ta yi aikinta sun cinye mafi yawanta. Abin da yar rage cikin jini bai isa ya hana ƙwai hita ba. Kin ga ɗigon jini tsakiyar wata?”

“Na gani.”

“To shi na alama. Da ta sani, da allura ta yi miki, ko ta sa miki abin da aka sawa cikin mahaihwa. Ba ƙwayar hutu ɗai ba. Magunguna da yawa haka yake musu. Duk likitar da kinka shiga, ko haƙori za a cire, ki hwaɗi gardinal tun ba a tambaye ki ba.”

Na ji duk abin da ya ce, amma kalma ɗaya ce ta zauna mini, cinyewa. Na tambaye shi, abin da ya cinye ƙwaya, ba zai ci ɗa ba? Na ce na farko ma ina shan sa na ɗauka, ga yadda ya ƙare.

“Na hwarko doguwar naƙuda ta, ba magani ba. Ba ni yi miki ƙarya, gardinal ga mai ciki ba a ce babu haɗari ko kaɗan ba. Amma mata da yawa sun haihu lahiya suna shan shi, na gani da idona. Hwaɗuwa ta hi shi haɗari nesa ba kusa ba, gare ki da abin da ke cikinki. Kuma wata ukku na hwarko da aka hi jin tsoro, kin kusa wuce su. Kada ki bari. Kin jiya?”

“Na ji, Baba.”

Ya ƙara mini ƙwayar ƙarin jini, ya rubuta 'yar takarda ya ce in kai wa ungozoma. A mota na buɗe na karanta. Layi uku ne da faransanci, sunan ciwona a layin farko. Na ninke ta na sa a cikin littafin nahawu, a can ta zauna.

Wata guda na yi ina juya maganar. Shekara goma sha biyu ban faɗi ba. Wa ya san ko ciwon ya tafi tun tuni, ni ce nake ta ciyar da hanta a banza? Majo tsoho ne, abokin babana ne, aikinsa ke nan ya ce kada a bari. Haka na riƙa gaya wa kaina, ni mai koyar da lissafi. Da cikin ya shiga wata na biyar na ji motsi na farko, ina tsaye gaban allo. A makon maigida yana kar ɗin yamma, ba ya dawowa sai na kwanta. Bayan isha na ɗauko ƙwayar, na riƙe ta a hannu, na zagaya bayan gida na jefa a salga. Na ce wata huɗu ne kawai, in na haihu in koma.

Kwana ɗaya, ba komai. Kwana biyu, uku, ba komai. Na ce ashe na warke.

A rana ta huɗu na farka kafin kiran sallah, kaina wasai. Ban san yadda zan kwatanta ba. Na ji ƙarar injin izin da na daina ji tun shekarar da muka zo. Na ji ƙamshin ƙosai daga bakin titi. A aji wani yaro ya karanta jimla a karkace, na yi dariya har da riƙe tebur, yaran suka yi tsit suna kallona don ba su taɓa gani ba. Da rana na gyara kaye arba'in, littattafan rubutun yara, ban yi gyangyaɗi ba. Da na koma gida na buɗe akwati na ga rigunan jariri da na ɗinka wa na farko, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar tiyata. Na yi shi sosai, har na ji daɗinsa. Na ce wannan ita ce ni, ashe shekara goma sha biyu a rufe nake.

Abin da ban sani ba, sai daga baya majo ya bayyana mini, gardinal ba ya barin jini da wuri. Kwana uku ko huɗu kafin rabinsa ya fita. Kwanakin da nake cewa na warke, sauran na baya ne yake riƙe da ni, yana raguwa kaɗan-kaɗan. Kuma maganin bai taɓa warkar da tabon da sanƙarau ya bari a ƙwaƙwalwa ba, danne shi kawai yake yi. Ƙwaƙwalwar da aka shekara ana dannewa takan saba, ta riƙa turowa da ƙarfi don ta yi aikinta duk da nauyin. In aka ɗauke nauyin farat ɗaya, turin nan yana nan, babu abin da zai tare shi. Shi ya sa wanda ya bari kwatsam yakan faɗi faɗuwar da ta fi ta kafin ya fara magani. Ko mai son bari, a hankali ake rage masa, cikin watanni, kuma ba da ciki ba.

A rana ta shida barci ya ƙi. Na daka wa wata yarinya tsawa a kan ta yar da ardowaz, allon rubutunta, har ta yi fitsari a wando. Maigida ya ce ko in je a duba ni, na ce ciki ne. Ya dubi kwalbar gardinal ya ga tana raguwa yadda ya kamata, ya mayar da ita wurinta. Kowane dare ina jefa ɗaya, ban tsallake ba.

Rana ta tara Lahadi ce, da hantsi. Mata uku a bakin famfo, da ni ta huɗu, ina tara ruwa a bokiti. Na ji wani abu ya taso daga cikina zuwa maƙogwaro, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Na gane shi nan take, kamar muryar wanda aka daɗe ba a gani ba. Na yi niyyar in zauna. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran ba ni aka yi. An ce na ƙame, na faɗi ta gaba, cikina a kan gefen dakalin siminti na famfon. An ce matan sun ja da baya, ɗaya ta ɗauke ɗanta ta shige gida. Ban riƙe su a zuciya ba, abin da aka koya musu ke nan. Maƙwabciyata ce ta fito da gudu, da kumfar sabulu a hannu, ta juya ni a gefe, ta tallafe kaina a cinyarta, ta share mini baki da zanenta. Jijjigar ta tsaya, kafin in farfaɗo ta sake dawowa, ta sake dawowa ta uku. Ta aika aka ɗauko akwatinta ta yi mini allura a jijiya, aka samo motar izin aka kai ni likita. A hanya ta tambayi maigida ko na taɓa yin haka. Shi ya faɗa mata.

Na farka da la'asar, harshena a kumbure, jikina kamar an yi mini duka. An riga an mayar mini da gardinal ta allura. Nauyin ya dawo, ya fi na da. Ina jin ciwon mara yana zuwa yana tafiya, ina jin ɗumi a ƙarƙashina, na san ko mene ne, amma kamar labarin wata ake ba ni. Washegari da safe cikin ya fita. Ɗinkin bai buɗe ba, suka ce in gode wa Allah. Na gode.

Maƙwabciyata ta zauna a bakin gadon bayan ta wanke hannu. Idonta ya yi ja.

“Don mi ba ki hwaɗa min ba?”

“Tsoron bakin famfo.”

Ta gyara mini zanen rufa. Sannan ta ce, “Na ce kin tsallake ƙwaya. Ki yahe min.” Na ce ba komai. Na tambaye ta faɗuwar ce ta fitar da shi ko jijjigar. Ta ce ba wanda zai iya rabewa, kuma ba na buƙatar a rabe. Ta ce in na ji sauƙi za ta fara yi mini allurar hutu, wadda hantata ba za ta cinye ba. Majo ya zo kwana biyu bayan nan a kan babur ɗinsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambayi kwana nawa, na ce tara, ya gyaɗa kai, ya zauna ya yi mini bayanin da na riga na rubuta a sama, a hankali, kamar yana karanta wa aji.

Ban koma aji ba sai bayan hutu, kuma a wata lakwal. Tun daga lokacin ban sake tsallake dare ba. Duk inda na shiga a duba ni, kafin in zauna nake cewa ina shan gardinal, har wata yarinyar farmasi ta taɓa cewa, “Hajiya, ai man zafi kawai kika zo saye.”

Amma ranar da cikin ya fita nake so in ƙarasa. Da azahar maigida ya shigo ɗakin, ƙafafunsa da jar ƙasa. Ungozoma ta naɗe abin a farin ƙyalle ta ba shi, ya tafi shi kaɗai da fartanya ya rufe a gefen maƙabarta. Ya zauna a kujerar ƙarfe bai dube ni ba. Na nemi hawaye ban samu ba, allurar ta riga ta rufe wurin. Sai na tambaye shi abin da ya zo mini.

“Namiji ne?”

“Namiji.”

“Ya kai yaya?”

Ya buɗe hannunsa na dama, ya sa yatsan hagu a ƙarshen doguwar yatsa, ya ja shi har wuyan hannu, ya ɗan wuce kaɗan. Ya ce har da farce, ya ƙirga su.